Wa ke kan waifai ɗinka a wannan lokacin?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a gidaje da shagunan da suka sa rauta ko ƙaramar MiFi: datar da aka saya don wata guda ta ƙare tun kafin wata ya raba, ko kuma intanet ya riƙa jan ƙafa da zarar an yi sallar isha'i. Wasu su ɗora laifin kan kamfanin layi, wasu su fara zargin yaran maƙwabta. Kafin a kai ga zargin kowa, akwai inda ya kamata a fara dubawa, domin rautar da kanta tana riƙe da jerin duk na'urar da ta hau kanta, kuma mai ita yana da ikon buɗe wannan jerin a duk lokacin da ya ga dama, ba tare da ya biya kowa ko sisi ba.

Buɗe jerin ba shi ne aiki ba. Karanta shi ne aikin. Ba za ka ga an rubuta sunan mutum ko lambar wayarsa ba. Lambobi za ka tarar da wasu sunaye da na'urori suka raɗa wa kansu, wasu ma babu sunan kwata-kwata. Shi ya sa mutane da yawa suke buɗewa, su ga abin da ba su gane ba, sai ko dai su rufe su haƙura, ko su kori firintarsu da hannunsu suna zaton ɓarawon data ne. A ganina hanya ɗaya ce tabbatacciya ta gane baƙo a kan waifai, ita ce ka fara ƙirga naka, ɗaya bayan ɗaya, har sai abin da ya rage ya zama ba shi da mai shi a gidan.

Yadda rauta take sanin masu hawa kanta

A ɗauki rauta kamar maigadin da ke zaune a bakin ƙofa da littafi. Duk wanda ya zo da kalmar sirri daidai zai shiga, amma sai maigadi ya rubuta abu uku: lambar shaidar da mutum ya nuna, lambar wurin zaman da aka ba shi a ciki, da sunan da ya faɗa da bakinsa. Lambar shaidar ita ce adireshin MAC, wanda kowace na'ura mai waifai take da shi. Lambar wurin zama ita ce adireshin IP, wanda rauta ke bayarwa aro na wani lokaci ta hanyar tsarin da ake kira DHCP. Sunan kuwa na'urar ce ke faɗa, rauta ba ta bincikar gaskiyarsa. Mai waya yana iya canza shi zuwa duk abin da yake so, yana iya kuma barin wayar ta yi shiru ba ta faɗi komai ba.

Don shiga shafin rautar, sai ka haɗa wayarka ko kwamfutarka da waifai ɗin, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin rautar a wurin da ake rubuta adireshin shafi. Rautocin Huawei da MiFi ɗinsu, waɗanda suka cika kasuwa, galibi suna amsawa a `192.168.8.1`. Da yawa daga cikin na ZTE da TP-Link suna kan `192.168.0.1`, wasu kuma `192.168.1.1`. Idan babu wanda ya buɗe a cikinsu, juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ko ka cire murfin MiFi ka duba wajen batir. Wayarka ma ta san adireshin: a Android, shiga bayanan waifai ɗin da kake kai ka nemi `Gateway`; a iPhone, taɓa alamar `i` da ke gefen sunan waifai ka duba layin `Router`. A kwamfuta mai Windows, wannan umarnin zai nuna shi a gaban `Default Gateway`:

```
ipconfig
```

Shafin zai nemi kalmar sirri. A nan ake yawan ruɗewa, domin kalmomin sirri biyu ne a kowace rauta: ta hawa waifai, wadda kake ba mutane, da ta shiga shafin gudanarwa, wadda bai kamata kowa ya sani ba sai kai. A tsofaffin rautoci da yawa ta biyun tana zuwa a matsayin `admin`, kuma haka ake barinta shekara da shekaru. Da ka shiga, nemi wurin da aka rubuta `Connected Devices`, ko `Device List`, ko `Clients`, ko `Station List`. Masu Starlink ba sa buƙatar wannan zagayen, manhajar da ke wayarsu tana nuna jerin. Wanda kuma yake raba data daga wayarsa zai ga masu hawa a cikin saitin `Hotspot`.

Akwai bambancin da ya kamata a kula da shi tun daga farko. Wasu rautoci suna da jeri biyu. Ɗaya yana nuna waɗanda suke haɗe a daidai wannan lokacin. Ɗayan, wanda ake yawan rubuta wa `DHCP Clients`, yana nuna duk wanda aka ba aron adireshi kuma wa'adin aron bai cika ba. Wa'adin nan a rautoci da yawa awa 24 ne. Ke nan baƙon da ya zo gaisuwa da hantsi, ya hau waifai, ya tafi bayan azahar, zai iya ci gaba da bayyana a jeri na biyu har washegari, alhali yana can wani gari. Idan tambayarka ita ce wa ke kai yanzu, jerin masu haɗi na yanzu za ka karanta. Idan kuma kana son sanin wanda ya hau da tsakar dare kana barci, na biyun ya fi amfani, muddin ba a kashe rautar ba, domin yawancin ƙananan rautoci suna manta komai da zarar wuta ta ɗauke.

Abin da adireshin MAC ke faɗa, da abin da ya daina faɗa

Adireshin MAC haruffa ne da lambobi 12, an jera su biyu-biyu gida shida, kamar `24:0A:C4:5B:10:7E`. Ba a amfani da komai a cikinsa sai lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Gida uku na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ke rabawa, kuma rajistar a buɗe take ga kowa. Idan ka rubuta gida ukun nan a injin bincike tare da kalmar `OUI`, za ka ga sunan kamfanin. Wannan `24:0A:C4` na kamfanin Espressif ne na ƙasar Sin, wanda ke yin ƙananan kwakwalen waifai da ake sakawa cikin soket, ƙwan lantarki da sauran kayan da ake sarrafawa da waya.

Sai dai sunan da zai fito sau da yawa ba shi ne wanda ke rubuce a jikin na'urar ba. Kwamfutarka HP ce ko Dell, amma katin waifai ɗin da ke cikinta na Intel ne, ko Liteon, ko AzureWave, ko Hon Hai. Talabijin ma haka. Mutum zai ga Hon Hai ya ce bai taɓa sayen abu mai wannan suna ba, nan kuwa kwamfutar da yake binciken da ita ce.

Babban sauyin ya zo ne daga wayoyi. Da can kowace waya tana nuna adireshinta na ainihi a duk inda ta je, abin da ya sa ana iya bin sawun mutum daga wannan waifai zuwa wancan. Don toshe wannan, tun daga Android 10 a shekarar 2019, da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar adireshin aro ga kowane waifai da suka hau. Wannan kariya ce mai kyau ga mai waya, ban kuma ba kowa shawarar ya kashe ta a waifai ɗin otal ko filin jirgi ba. Amma ta sa aikin mai rauta ya ƙara wuya, domin adireshin aro ba shi da kamfani. Ka bincika shi ba za ka sami komai ba.

Duk da haka yana da alama. Dubi harafi na biyu na adireshin, wato na biyu a gidan farko. Idan `2` ne, ko `6`, ko `A`, ko `E`, to adireshin ƙirƙirarre ne, ba na masana'anta ba. `6A:1F:…` na aro ne, `DA:44:…` ma haka, shi kuwa `24:0A:…` na ainihi ne tunda harafinsa na biyu `4` ne. Wannan ƙaramin sani yana raba jerin gida biyu nan take. Masu adireshin aro kusan dukansu wayoyi ne da tablet, wani lokaci kwamfuta. Masu na ainihi kuwa yawanci kayan da ke zaune wuri ɗaya ne: firinta, talabijin, kyamarar tsaro, dikoda.

Daga nan wani kuskure ke tasowa. Mutum zai shiga `About phone` ya kwafi adireshin wayarsa, ya duba jerin rauta bai gan shi ba, sai ya ɗauka wani abu ya lalace. Wanda ke `About phone` na masana'anta ne. Wanda rauta take gani yana cikin bayanan wannan waifai ɗin, inda Android ke rubuta `Randomized MAC address` ko makamancin haka, iPhone kuma `Wi-Fi Address`. Mafi sauƙi ma shi ne a bar MAC a kwatanta adireshin IP, tunda ya fi gajarta kuma yana nan a shafi ɗaya.

Ƙidaya a wani shagon buga takardu

Mu ɗauki misalin shagon buga takardu da cike fam na intanet, irin waɗanda ke kusa da ƙofar manyan makarantu. Mai shagon yana da rautar Huawei mai ɗaukar sim. Idan ka tambaye shi abubuwa nawa ke kan waifai ɗinsa, zai lissafa shida: kwamfuta biyu, firinta, na'urar POS, wayarsa, da wayar yaron shago. Ya buɗe shafin da ƙarfe huɗu na yamma, sai ya ga goma:

```
192.168.8.100  DESKTOP-7K2M9QD
192.168.8.101  LAPTOP-4RB1T0CE
192.168.8.102  HP3A91C2
192.168.8.103  android-9c41e7b2
192.168.8.104  TECNO-SPARK-10
192.168.8.105  itel-A60
192.168.8.106  espressif
192.168.8.107  Unknown
192.168.8.108  Redmi-Note-11
192.168.8.109  Unknown
```

Abin da zuciya ke fara raya masa shi ne mutum huɗu na shan datarsa. Bai kamata ya taɓa maɓallin toshewa ba tukuna. Ya ɗauko takarda da biro, ya fara da masu sauƙi. Sunaye masu farawa da `DESKTOP-` da `LAPTOP-` su ne irin waɗanda Windows ke raɗa wa kwamfuta idan mai ita bai sa mata suna ba. Ya buga `ipconfig` a kowace, ya ga 100 da 101, ya rubuta. Mai farawa da `HP` firinta ce, kuma allon firintar ko takardar saitin da take bugawa zai nuna 102. Tecno tasa ce, itel ta yaron ce, duk ya tabbatar ta hanyar duba IP a wayoyin biyu, bai tsaya ga suna kawai ba. Wannan tabbatarwar tana da dalili. Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ke yi, sun yi yawa a hannun jama'a ta yadda a layi ɗaya za a iya samun mutum uku masu waya iri ɗaya, kuma duk suna ɗaya za su nuna wa rauta. Ganin `TECNO-SPARK-10` sau ɗaya ba komai ba ne. Ganinsa sau biyu alhali ɗaya ce a shagon, wannan magana ce.

Saura biyar, kuma har yanzu bai ga POS ba. Na'urorin POS na zamani da yawa Android ne a ciki, don haka `android-9c41e7b2` ya fi kama da ita. Gwajin ba wuya: ya kashe waifai na POS ɗin, ya jira kamar minti biyu, ya sabunta shafin. Layin 103 ya ɓace. Ya kunna, ya dawo. Jiran nan wajibi ne, saboda wasu rautoci ba sa cire na'ura daga jeri nan take, musamman idan cire mata wuta aka yi ba kashe waifai ba.

Sai `espressif`. Adireshinsa ya fara da `24:0A:C4`, na ainihi ne, don haka ba waya ba ce. Tambayar da ta dace ita ce: wane abu ne a shagon nan ake dubawa ta manhajar waya? Nan ya tuna inbatar sola. Ranar da aka haɗa ta, mai aikin ya karɓi kalmar sirrin waifai ya saka wa wata 'yar na'ura da ke maƙale a ƙasan inbatar, wadda ke aika bayanin caji da batir zuwa waya. Irin waɗannan su ne aka fi mantawa da su: 'yar na'urar inbata, kyamarar da aka kafa a saman ƙofa, talabijin na falo, tsohuwar wayar da aka bar wa yara. Ba su da mai riƙe su a hannu, shi ya sa ba sa zuwa cikin lissafin kai.

Layin 107 ba shi da suna, adireshinsa kuma ya fara da `6A`. Waya ce. Ya tambayi waɗanda ke cikin shagon. Ƙanensa da ya zo taya shi aiki ya ce, "Yaya, ina jin tawa ce, tun zuwana na bara ka sa mini." Aka duba iPhone ɗinsa, IP ya nuna 107. Ko bai taɓa wayar ba, da shigowarsa shagon ta hau da kanta, domin waya ba ta manta waifai ɗin da aka taɓa sa mata.

Yanzu saura biyu, Redmi da wani marar suna mai adireshi `DA`. Babu mai Redmi a shagon. A nan gwajin rufe shago ke aiki. Da aka tashi, ya kashe kwamfutoci da firinta da POS, yaron da ƙanen suka tafi da wayoyinsu, ya bar rautar a kunne, ya tsaya da wayarsa kawai. Jerin ya koma huɗu: Tecno ɗinsa, 'yar na'urar inbata, da waɗancan biyun. Babu sauran shakka cewa daga waje suke.

Wasu rautoci suna ƙara bayanin da ke taimakawa a wannan gaɓar. Akwai tsawon lokacin da na'ura ta yi a haɗe: wanda ya yi awa tara yana kai ba mai wucewa ba ne, mazaunin kusa ne. Akwai kuma ƙarfin sigina, wanda ake rubutawa da lamba mai alamar ragi. Kusan `-40` na nufin na'urar tana ɗaki ɗaya da rauta, `-60` ta ɗan yi nisa, `-80` kuwa ta kai gaɓar da sigina ke shirin yankewa, wato bayan bango biyu ko ƙetaren layi. Ba ya nuna gabas ko yamma, amma yana bambanta na cikin ɗaki da na waje.

Ta ina suka sami kalmar sirrin

Mutane suna son su ji cewa wani gwanin kwamfuta ne ya fasa musu waifai. A mafi yawan lokuta ba fasa shi aka yi ba, bayar da shi aka yi. A shagon da muke magana, washegari mai shagon ya tambayi yaronsa cikin lalama, yaron ya ce, "Wallahi Oga, ban faɗa wa kowa ba. Abokina na shagon caji ne kawai ya ɗauki hoton lambar nan ta wayata." Yaron gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Tun daga Android 10, duk wayar da ke kan waifai tana iya nuna lambar QR ta wannan waifai ɗin, kuma kalmar sirrin tana cikin lambar a rubuce ba tare da wani kulli ba. Wanda ya ɗauki hotonta zai hau, zai iya karanta kalmar, zai iya tura hoton ga wani ta WhatsApp. Dabarar da masu shago suke yi ta karɓar wayar mutum su rubuta masa kalmar da hannunsu don kada ya gani, ta daina aiki tun wancan lokacin.

Sauran hanyoyin ba su da yawa. Akwai kalmar da aka bari yadda ta zo daga kamfani, tana manne a ƙasan rauta inda kowa zai iya ɗagawa ya karanta. Akwai kalmar da ta zama lambar wayar mai gida ko sunan shago da shekara. Akwai kuma WPS, tsarin haɗawa da lamba takwas, wanda tun a ƙarshen 2011 masu bincike suka nuna cewa ana iya gano lambar da gwaji kusan 11,000 kacal. Sababbin rautoci suna kulle kansu bayan 'yan gwaje-gwaje, tsofaffi da yawa ba sa yi. Wanda ba ya amfani da WPS ya kashe shi.

Toshewa ba ta isa ba

A gefen kowane layi yawanci akwai maɓallin `Block`. Mai shagon ya danna wa biyun, suka ɓace. Abin da rauta ta toshe shi ne adireshin MAC, ba mutum ba, ba ma wayar ba. Mai Redmi yana da kalmar sirri har yanzu. Idan ya shiga saitin waifai ya sauya daga adireshin aro zuwa na ainihi, taɓawa biyu ce, zai dawo a matsayin sabuwar na'ura. Don haka idan ka toshe wani jiya, yau ka ga sabon marar suna a daidai lokacin da wancan ya saba hawa, kada ka ɗauka mutum na uku ne.

Abin da ke korar kowa a lokaci ɗaya shi ne canza kalmar sirrin waifai. A sa mai tsawo, haruffa goma sha biyu ko fiye, a tabbatar tsaron yana kan `WPA2` ko `WPA3`, a kuma canza ta shafin gudanarwa a zama ɗaya. Wannan ta biyun ta fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarta. Baƙon da ke kan waifai ɗinka yana iya buɗe `192.168.8.1` kamar yadda ka buɗe, kuma idan `admin` ce, zai cire kansa daga toshewa, ya karanta sabuwar kalmarka, a rautoci masu sim ma ya karanta saƙonnin da ke shigowa layin.

Canza kalma yana da wahalarsa, kuma ita ce ke sa mutane jinkiri. Wayoyi da kwamfutoci minti ɗaya ne. Firinta sai an bi ta ƙaramin allonta. 'Yar na'urar inbata da kyamara sai an sake haɗa su ta manhajarsu, kuma yawancinsu zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin na 5 GHz. Amma wahalar tana da riba: duk abin da ka sake haɗawa da hannunka, ka san shi. A lokacin ne ya fi dacewa ka sa wa kowace na'ura suna a shafin rauta idan tana ba da dama, ko ka rubuta a takarda: POS, firinta, inbata, wayar wane. Daga ranar, buɗe jerin ba zai ɗauke ka minti biyu ba.

Mai shago ba zai iya hana kwastoma waifai gaba ɗaya ba, mai gida ma ba zai hana baƙonsa ba, kuma bai dace a ce tsoron satar data ya hana mutum kyautata wa maƙwabci ba. Maganin shi ne `Guest Network`, wanda rautoci da yawa suke da shi. Waifai ne na biyu mai sunansa da kalmarsa daban, wanda a yawancin rautoci ba ya barin baƙo ya kai ga firinta da kwamfutocin ciki. Shi za a riƙa bayarwa, a riƙa canza kalmarsa duk mako ko duk wata ba tare da an taɓa kyamara ko inbata ba. Wanda kake so ya sha datarka, ka ba shi da saninka.

Idan babu hanyar shiga shafin rauta

Wani lokaci an manta kalmar gudanarwa, kuma ba a son a maida rautar yadda ta zo daga kamfani. Ana iya leƙa jerin daga gefe. A Windows wannan umarnin yana nuna maƙwabtan kwamfutarka a kan waifai:

```
arp -a
```

Iyakarsa ita ce waɗanda kwamfutar ta yi hulɗa da su kwanan nan kawai yake nunawa, ba kowa ba. Layukan da suka fara da `224.` ko `239.` ko suka ƙare da `.255` ba na'urori ba ne, adireshin aika saƙo ga jama'a ne, a tsallake su. Manhajar Nmap ta fi shi, domin tana ƙwanƙwasa kowane adireshi daga 1 zuwa 254 ta ga mai amsawa:

```
nmap -sn 192.168.8.0/24
```

A waya akwai manhajoji irin su Fing masu yin wannan aikin, sai dai sababbin Android da iPhone sun hana manhajoji ganin adireshin MAC na maƙwabta, don haka abin da suke nunawa game da nau'in na'ura sau da yawa hasashe ne. Duk waɗannan a kan waifai ɗinka ake yin su, ko wanda mai shi ya ba ka izini. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba.

Binciken gefe ba ya kai jerin rauta inganci. Wayar da allonta ke kashe takan yi barci ta ƙi amsawa, sai ta zama kamar ba ta nan. Idan kuma an kunna `AP Isolation`, na'urori ba sa ganin juna sam, binciken zai nuna maka rauta da kanka kawai ko da mutum ashirin ne a kai.

Jerin rautar ma yana da inda yake ruɗarwa. A gidan da aka sa na'urar ƙara nisan waifai, wasu nau'o'inta suna sauya adireshin MAC na duk wanda ya biyo ta cikinsu, sai wayarka ta bayyana da adireshi ɗaya a falo, da wani daban a ɗakin baya. Kwamfutar da aka haɗa da kebul kuma waifai ɗinta na kunne za ta fito sau biyu. Wayar da aka goge saitin sadarwarta za ta iya dawowa da sabon adireshin aro, ka gan ta kamar baƙuwa.

Yana kuma yiwuwa ka gama ƙidaya ka ga kowane layi naka ne, data kuma tana ci gaba da ƙarewa. To a nan sai a duba cikin gida. Kwamfuta mai Windows tana ɗaukar waifai a matsayin intanet marar iyaka, tana sauke sabuntawa masu nauyin gigabait da yawa ba tare da ta tambaya ba, sai an kunna mata `Metered connection`. Wayoyi suna jiran waifai kafin su tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud. Talabijin da ke nuna bidiyo mai tsananin kyan hoto yana iya cin gigabait biyu zuwa uku a awa ɗaya. Idan rautarka tana nuna yawan datar da kowace na'ura ta ci, duba shafin da safe, ka sake dubawa da dare, ka kwatanta lambobin layi bayan layi.